Na ci da firibet an ba ni 500 maimakon 1,500, ina uwar kuɗin ta tafi?

Sabon_Shiga:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure min kai tun jiya. Wani kamfanin cacar wasanni ya ba ni firibet, wato bugun kyauta, na 1,000. Na ɗora shi a kan od 1.50, wasan ya ci. A lissafina 1,000 sau 1.50 ya kama 1,500, kuma haka nake gani kullum in na buga da kuɗina. Da na duba akawun sai na tarar 500 kawai aka zuba min. Na yi musu magana, suka turo min layi ɗaya wai `stake not returned`. Ban gane ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, yanzu wani kamfanin ya ce in zaɓi ɗaya cikin biyu: firibet na 1,000, ko bonas na kuɗi 1,000 da sai na juya shi sau 5 kafin in cire. Tunda na ga abin da ya same ni jiya, zuciyata ta fi karkata ga bonas ɗin. Wanne ya fi daraja a gaskiya?

Gola_Na_Ɗaya:
Wa alaikumus salam. Haraji suka cire maka, ɗan'uwa. Ni ma an taɓa yi min.

Baban_Ummi:
Gola, wane irin haraji ne zai kwashe kashi biyu cikin uku? Ba haraji ba ne. Sabon_Shiga, abin da suka rubuto maka ma'anarsa ba a dawo da uwar kuɗi. In ka buga 1,000 naka a kan 1.50 ka ci, 1,500 ɗin da kake gani kashi biyu ce: 1,000 naka da ya dawo, da ribar 500. A firibet kuwa 1,000 ɗin ba ta taɓa zama taka ba. Aro suka ba ka don ka buga, ka ci suka ɗauke abinsu suka bar maka ribar. Lissafinsu daidai ne bisa sharaɗin da suka rubuta.

Gola_Na_Ɗaya:
To na yarda, nawa daban ne ke nan.

Sabon_Shiga:
Na gane yanzu, Baba. Amma in haka ne me ya sa suke kiransa 1,000? Ai ba 1,000 ba ne.

Mai_Alƙalami:
Tambayar da ya kamata kowa ya yi ke nan, ƙanena. Ba 1,000 ba ne, kuma darajarsa ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Tana hawa tana sauka gwargwadon od ɗin da ka ɗora shi a kai.

Bari mu fara da od 2.00, mu ɗauka wasa ne na rabi da rabi, kamar a jefa kwabo sama. A ce mutum ɗari kowa an ba shi firibet na 1,000, duk suka ɗora a nan. Hamsin za su faɗi, ba su samu komai ba. Hamsin za su ci, kowa ya karɓi 1,000, wato ribar kaɗai. Jimilla 50,000 ga mutum ɗari. In ka raba, kowane firibet ya haifar da 500. Rabin abin da aka rubuta a jikinsa ke nan.

Yanzu a ce mutum ɗarin nan sun ɗora a kan od 5.00. A irin wannan od, mutum ɗaya cikin biyar ne ke ci, wato ashirin cikin ɗari. Kowannensu zai karɓi 4,000. Jimilla 80,000, kowane firibet ya haifar da 800.

Kai kuma ka ɗora a 1.50. A nan biyu cikin uku ne ke ci, wajen mutum 67, amma kowa 500 zai karɓa. In ka raba, kowane firibet yana wajen 333. Ka ga kuskurenka ba a zaɓen wasa yake ba, wasanka ya ci. A zaɓen od yake. Dalilin kuwa a fili yake: duk lokacin da ka ci sai kamfani ya ɗauke 1,000 ɗinsa daga abin da ya kamata ka karɓa. In kana ci sau da yawa, sau da yawa ake ɗauke ta. A 1.50 ana ɗauke 1,000 daga cikin 1,500. A 5.00 ana ɗauke ta daga cikin 5,000, kuma ba kasafai ba.

Ga mai son ya lissafa da kansa, wannan ne:

```
daraja = firibet x (od - 1) / od
```

Kyaftin_10:
Malam Mai_Alƙalami, ni wannan lissafin bai shige ni ba. Yaron nan ya ɗora a 1.50 ya samu 500 a hannu. Da ya bi maganarka ya ɗora a 5.00, da yanzu mai yiwuwa ba shi da ko sisi. Da babu gara ba daɗi. Ni kullum ƙaramin od nake bi da firibet, in karɓi ɗan abin da zan karɓa in yi gaba.

Mai_Alƙalami:
Kyaftin, ban ƙi maganarka gaba ɗaya ba. Gaskiya ne a 5.00 sau huɗu cikin biyar hannu rabbana za ka tashi. Wanda firibet ɗaya tak zai taɓa samu a rayuwarsa, kuma yana son ya fi kusa da samun wani abu ko yaya, yana da hujja. Amma kai ka ce kullum haka kake yi. In ka yi sau talatin a 1.50, abin da za ka tara yana wajen 10,000. In ka yi sau talatin ɗin a 5.00, yana wajen 24,000. Kuma 1.50 ɗin ma ba tabbas ba ne, sau ɗaya cikin uku yana faɗuwa.

Kyaftin_10:
Sau talatin a takarda. A zahiri mutum zai iya faɗuwa sau goma a jere a 5.00, ransa ya ɓaci, ya zuba nasa kuɗin don ya rama.

Baban_Ummi:
Wannan kam gaskiya ce, na ga wanda ya yi.

Mai_Alƙalami:
Faɗuwa goma a jere a 5.00 tana samun kusan mutum ɗaya cikin goma, don haka ba baƙon abu ba ne. Wanda ya san ba zai jure ba, maganar Kyaftin ta fi masa amfani da tawa.

Ɗan_Tsakiya:
To ai in haka ne Malam, a nemi od 50.00 ko 100.00 mana. Lissafinka ya nuna yadda od ya ƙaru haka darajar take matsowa kusa da 1,000. Ni dai abin da nake yi shi ne in haɗa dogon tikiti, wasa goma sha biyu, in ɗora firibet a kai. Tunda kyauta ne, in ya yanke ban yi asarar komai ba.

Mai_Alƙalami:
A lissafin farko na bar abu ɗaya a gefe da gangan don kada in cika ku da lambobi, yanzu dole in kawo shi. Kamfani ba ya ba da od na gaskiya. Ku duba wasan da ɓangarorin biyu suke daidai, ba za ku ga 2.00 da 2.00 ba, sai dai irin 1.90 da 1.90. Wanda ya ɗora 1,000 a kowane ɓangare ya kashe 2,000, ya karɓi 1,900. Ɗarin da ta ɓace ita ce la'adar kamfani, kashi 5 cikin ɗari. Ba a rubuta ta ko'ina, a cikin od take.

In muka ɗauka kashi 5 ne a ko'ina, firibet na 1,000 a 1.50 ya koma wajen 317, a 4.00 wajen 712, a 5.00 kuwa 760. Har nan maganar ba ta canza ba. Inda take canzawa shi ne a manyan od, domin an daɗe da lura cewa la'adar ta fi kauri a can. Za a ba ka 15.00 a kan abin da sau ɗaya cikin ashirin yake faruwa. Ribar 14,000 ce, amma mutum biyar cikin ɗari ne za su gan ta, darajar ta dawo 700. Ka hau sama sosai, ka samu ƙasa da abin da 5.00 ya ba ka.

Dogon tikiti kuma nasa ya fi haka, don la'adar kowane wasa tana hawa kan ta ɗan'uwansa. A ce wasa biyar, kowanne 1.40. Od ɗin ya haɗu ya zama 5.38. Amma ka biya la'ada sau biyar, abin da ya rage maka wajen kashi 77 ne cikin ɗari, ba 95 ba. Firibet ɗinka ya zama wajen 630, alhali da wasa ɗaya ka samu mai od 5.38 da ya kai 770. A wasa goma sha biyu kusan rabi ne ke tafiya.

Ɗan_Tsakiya:
Amma dai ban yi asara ba tunda ba kuɗina ba ne.

Uwar_Biyu:
Ɗan_Tsakiya, ka tuna yadda aka yi ka samu firibet ɗin. Yawanci sai ka fara buga naka kafin su ba ka. In ka buga 1,000 naka don a ba ka shi, ka riga ka biya la'adar wannan bugun, kuma kana iya rasa dubun gaba ɗaya. Saya ka yi, ko da da araha ne.

Mai_Tsaron_Gida:
Ina da gyara ɗaya ga Malam. Kai da kanka ka ce la'ada ta fi kauri a manyan od. To wannan yana nufin ta fi sirara a ƙananan od. Saboda haka ba daidai ba ne ka ɗora kashi 5 a kan kowane wasa mai 1.40, sannan ka ɗora kashi 5 ɗin a kan wasa ɗaya mai 5.38. Zai yiwu na 1.40 kashi 2 ko 3 ne, na 5.38 kuma kashi 8 ko 10. In haka ne, tikiti mai wasa biyu ko uku na manyan ƙungiyoyi yana iya kamo wasa ɗaya mai babban od, ko ma ya ɗara shi.

Mai_Alƙalami:
Na karɓi gyaran. A wasa biyu ko uku ba zan yi rantsuwa ba, ya danganta da gasar da kuma kamfanin. A goma sha biyu dai ina nan kan bakana.

Na_Gefen_Fili:
Ni a ganina bonas ya fi. Wancan makon na haɗa wasa takwas suka ƙara min kashi kaza a kan abin da na ci, kuma nan take na cire, babu wani juyawa.

Baban_Ummi:
Ba wannan bonas ɗin ake nufi ba, Malam. Naka ƙari ne da ake yi wa dogon tikiti in ya ci. Nasa kuɗi ne da ake zuba wa mutum a akawun a ce sai ya buga adadi kaza kafin ya taɓa su. Mu koma kan tambayar yaron, har yanzu ba a ba shi amsa ba.

Mai_Alƙalami:
To mu koma. Bambancin farko shi ne, a bonas na kuɗi uwar kuɗin tana dawowa. Ka ɗora 1,000 na bonas a 1.90 ka ci, 1,900 za ta shiga. Da babu wani sharaɗi, ba a ma haɗa su, bonas ya fi firibet nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba sa bayar da shi haka, sai da juyawa.

Juyawa sau 5 na nufin jimillar abin da za ka buga ya kai 5,000. Ba wai ka ci 5,000 ba, ka buga. Kowace dubu da ka buga tana barin wajen 50 a hannun kamfani. Dubu biyar ta bar 250. Sai a ce bonas ɗin ya kai wajen 750. Firibet kuma mun ce a 4.00 zuwa 5.00 yana tsakanin 710 da 760. A kan waɗannan lambobin kusan kunnen doki suka yi.

Amma Sabon_Shiga, akwai abu biyu da ba ka faɗa mana ba. Sau 5 ɗin a kan bonas kaɗai ne, ko har da kuɗin da za ka zuba? In har da naka 1,000 ne, abin da za ka buga ya zama 10,000, la'ada ta ci 500, rabin bonas ɗin ya tafi. Na biyu, wane irin tikiti suke ƙirgawa? Wasu kamfanonin ba sa lissafa wasa ɗaya, sai tikiti mai wasa uku ko fiye, kowanne da od ɗin da ba zai gaza kaza ba.

Mai_Tsaron_Gida:
Malam ka yi haƙuri zan sake shigowa, domin 750 ɗin nan ba ta cika ba. Lissafinka ya ɗauka mutum zai buga 5,000 ɗin har ƙarshe. Amma wanda bonas ɗinsa ya ƙare a bugun farko ya huta, babu sauran juyawa a kansa, kamfani bai ci la'adar sauran 4,000 ba.

Duba nan. A ce bonas kaɗai ake juyawa, kuma kuɗinsa na kansa ba a ɗaure suke ba. Ya ɗora dubun gaba ɗaya a 5.00. Mutum 81 cikin ɗari sun faɗi, shi ke nan. Mutum 19 sun ci, kowa yana da 5,000 tunda uwar kuɗi ta dawo. Saura su buga 4,000, la'ada ta ci wajen 200, kowa ya fita da wajen 4,800. In ka raba wa mutum ɗarin, ya kama kusan 910. Firibet a wannan od ɗin 760 ne. Don haka bonas mai sau 5 a kansa kaɗai ya fi firibet, ba kunnen doki ba ne.

Mai_Alƙalami:
Haka ne, na duba. 750 ɗin ta wanda yake bugawa kaɗan-kaɗan ne har ya kammala. Sai dai kamfanoni ma sun san wannan dabarar. Wasu suna ƙayyade mafi yawan abin da za a ƙirga maka a bugu ɗaya, wasu kuma suna sa rufi a kan abin da za ka iya cirewa daga bonas. Kowanne cikin biyun yana rage 910 ɗin.

Mai_Tsaron_Gida:
Yana ragewa, amma sai an ga sharaɗin kafin a san nawa. Ni abin da na fi tsoro a bonas wani nau'i ne da ake cire shi kansa ranar da za ka fitar da kuɗi. Ka gama juyawa kana da 3,000, ka danna cirewa su ba ka 2,000. Wannan sunansa bonas, amma halinsa na firibet ne, uwar kuɗin ba taka ba ce, ga kuma juyawa a kai.

Uwar_Biyu:
Bari in ba ku nawa, don lambobin nan ba sa nuna yadda abin yake a jiki. Na zuba 5,000 aka ƙara min 5,000, sharaɗin juyawa sau 6 a kan duka biyun, wato 60,000, cikin kwana 30. Ban karanta ba sai da na shiga. A kwana na goma akawun ya kai 14,000, na je cirewa aka ce saura in buga 38,000. Na ce to a ba ni nawa 5,000 kawai, aka nuna min in na soke bonas, duk abin da na ci da shi zai tafi tare da shi. Sai na ƙi sokewa don ina ganin 14,000 a ido. Kwanaki suna ƙarewa, na fara buga wasannin da ban san ko sunan ƙungiyoyin ba don in cika adadi. A kwana na ashirin da shida kuɗin suka ƙare saura 9,000 in kammala. Abin da ya fi ci min rai shi ne na sake zuba wasu, ina zaton za su ci gaba da ƙirgawa. Ba su ƙirga ba.

Da firibet ne, bugu ɗaya ne a gama. Ko na ci ko na faɗi, ba zan yi wata guda ina bin lamba ba. Wannan bambancin ba ya cikin lissafinku.

Baban_Ummi:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Irin abin da ya same ki ya sa hukumomi a wasu ƙasashe suka shiga maganar. A Birtaniya, a 2018, hukumar kula da gasar kasuwanci ta sa wasu kamfanoni suka yi alkawarin barin mutum ya cire kuɗin da ya zuba da kansa ko bai gama juyawa ba. A 2025 kuma hukumar kula da caca ta can ta sanar cewa juyawa ba zai wuce sau 10 ba. Amma wannan dokarsu ce, ba ta bin kamfanin da lasisinsa na wani wuri ne.

Kyaftin_10:
Sau 10 ma ai da yawa. A lissafin Malam, rabin bonas ke nan.

Ɗan_Tsakiya:
Tambaya a gefe. Wanda suke cewa ka buga, in ka faɗi za su mayar maka fa? Wannan ai babu asara ko kaɗan.

Mai_Alƙalami:
Ka duba da me za su mayar. In kuɗi ne da za ka iya cirewa, to. In firibet ne, mun dawo gidan jiya. Ka rasa 1,000 na gaske, an ba ka abin da darajarsa take wajen 700, kuma shi ma yana iya faɗuwa ka tashi babu komai. Shi ya sa jihar Ohio ta Amurka ta hana kamfanoni kiran irin wannan tayin `risk-free` matuƙar sai mutum ya sa kuɗinsa a haɗari.

Gola_Na_Ɗaya:
Ni na ji ana iya mayar da firibet kuɗi tabbas, ko wa ya ci. Gaskiya ne?

Mai_Tsaron_Gida:
Ana yi, kuma shi ne ma'auni mafi kyau na darajarsa, don yana nuna nawa za ka iya riƙewa a hannu. Ya fi sauƙi a wasan da sakamakonsa biyu ne kawai, kamar tenis. A ce ɗan wasa na farko 4.00 yake a kamfanin da ya ba ka firibet, na biyu kuma 1.30 a wani kamfanin daban. Ka ɗora firibet na 1,000 a na farko, ka ɗora 2,300 naka a na biyu. In na farko ya ci, ka karɓi 3,000, ka rasa 2,300, saura 700. In na biyu ya ci, firibet ya tafi, 2,300 ta kawo ribar 690. Ko ta ina kana wajen 700.

Inda ake ƙonewa kuwa ga shi. Mutum ya manta ba a dawo da uwar kuɗi, ya lissafa da 4,000 maimakon 3,000, ya ɗora wajen 3,070 a ɗaya ɓangaren. In na farko ya ci, asara ce ma zai yi. Ko ya gwada a ƙwallon ƙafa ya manta da canjaras, ya rasa duka biyu. A tenis kuma in ɗan wasa ya ji rauni ya fita, wani kamfanin soke bugun yake yi, wani kuma ya ba wanda ya rage nasara, sai ka tarar ɓangare ɗaya ya faɗi ɗayan an soke. Sannan od yana iya motsawa tsakanin bugu na farko da na biyu.

Kyaftin_10:
Ka ga wannan na fi yarda da shi a kan a ce in jira sau talatin. Amma sai mai 2,300 a ajiye da akawun biyu.

Baban_Ummi:
Kuma kamfani in ya lura ba ka bugawa sai da tayi, yana iya daina ba ka ko ya rage abin da za ka iya ɗorawa.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. Na je na karanta sharuɗɗan duka biyu kamar yadda Malam ya ce.

Bonas: sai na zuba 1,000, juyawa sau 5 a kan nawa da nasu, kuma tikiti mai wasa uku ko fiye kaɗai ake ƙirgawa, kowane wasa kada ya gaza 1.40.

Firibet: sai na fara buga 1,000 nawa a od 2.00 ko sama. Yana mutuwa bayan kwana 7, ba a raba shi, babu `Cash Out`, wato karɓar kuɗi kafin wasa ya ƙare, kuma mafi yawan abin da za a biya a kansa 5,000 ne. Abin da na ci da shi zan iya cirewa nan take.

Mai_Alƙalami:
Yanzu magana ta fito. A bonas za ka buga 10,000, a tikitin da la'adarsa ta ninku uku, wajen kashi 14 cikin ɗari in muka tsaya a kan 5 ga kowane wasa. Wanda ya bi shi har ƙarshe zai bar wajen 1,400 don ya samu 1,000. Firibet kuwa a 4.00 yana wajen 710, ka cire 50 na bugun farko, saura 660. Rufin 5,000 ɗin kuma yana nufin kada ka wuce od 6.00, domin a 6.00 ribar ta cika 5,000 daidai, duk abin da ya haura haka yanke shi za a yi. A wannan tayin ni firibet zan ɗauka.

Mai_Tsaron_Gida:
1,400 ta yi yawa. In wasannin 1.40 ɗin na manyan gasanni ne, la'adar tikitin tana iya tsayawa a kashi 8 ko 9, ga kuma waɗanda za su ƙare tun kafin su kai 10,000. Ban yarda bonas ɗin ya koma asara ba. Amma tunda kuɗinsa na kansa suna ɗaure a ciki, ni ma a nan ba zan ba shi shawarar bonas ba.

Kyaftin_10:
Ni dai ko ya ɗauki firibet ɗin, ba zan ce ya kai shi 4.00 ba. 2.50 ya isa.

Sabon_Shiga:
Akwai abu ɗaya da ban gani a sharuɗɗan ba. In na ɗora firibet aka ɗage wasan ko aka soke shi, za su dawo min da shi?

Uwar_Biyu:
Ba duka suke yi iri ɗaya ba. Ni an taɓa dawo min da shi, amma da wa'adinsa na farko, saura kwana ɗaya ya mutu. Wata ƙawata kuma a wani kamfanin ba a dawo mata da komai ba, an lissafa ta yi amfani da shi. Ka tambaye su a rubuce kafin ka ɗora, ka ɗauki hoton amsar, kuma ka zaɓi wasan da za a buga da sauran kwanaki a wa'adinka.

Sabon_Shiga:
Na tura musu tambayar yanzu. In sun amsa zan kawo nan.